Amsar Wasiƙunku: Wane Ne Ɗan Sandan Nan Mai Yamutsattsiyar Riga?

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, don kuwa tana da tsawo, amsarta ma ba gajeriya ba ce. Ta fito ne daga wani bawan Allah mai sayar da hatsi a wata kasuwar ƙauye da ke kusa da kan iyaka.

Ya ce a zamanin da yake yaro, mahaifinsa ya yi zaman birni, kuma akwai wani wasan Turawa na talabijin da tsohon ba ya yarda ya wuce shi. Yanzu tsufa ya kama dattijon, ba ya fita ko'ina, kullum sai ya riƙa ba jikokinsa labarin "ɗan sandan nan mai rigar ruwa". Shi ne mai wasiƙar ya so ya faranta masa rai. Sau uku yana biyan kuɗi a shagon masu tura finafinai a waya, sau uku ana zuba masa abin da ba shi ba ne. Na farko harbe-harbe ne daga fari har ƙarshe, tsohon ya ce a kashe. Abin da ya riƙe daga bakin mahaifin nasa da kuma ɗan abin da shi kansa ya tuna shi ne: ɗan sandan gajere ne, rigarsa duk a yamutse, yana riƙe da ƙatuwar taba, kullum yana zancen matarsa, in ya yi sallama ya kai bakin ƙofa sai ya juyo da wata tambaya. Sa'an nan akwai wani dare da aka ƙare wasan da ɗan sandan ya fiddo hannuwansa daga aljihu, sai ga safar hannu, mai laifin ya yi tsuru-tsuru. Maƙwabcinsa a kasuwa, wani mai sayar da buhuna, ya rantse masa cewa Derrick ne, har gardama ta so ta ɓata tsakaninsu.

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya saka da alheri bisa wannan kula da mahaifi. Amsa a taƙaice ita ce, wasan da kake nema sunansa Columbo. Maƙwabcinka bai yi daidai ba, amma kada ka yi masa dariya, don akwai dalilin da ya sa ya ruɗe, kuma zan zo kansa. Sai dai ba na so in ba ka suna kawai in wuce. Lokacin da nake koyarwa a firamare, in yaro ya kawo mini amsar lissafi ba tare da ya nuna hanyar da ya bi ba, rabin maki nake ba shi. Bari ni ma in nuna maka hanyar da na bi, don gobe in wani wasan ya ɓace maka ka iya lalubo shi da kanka.

Abin da mutane suka fi farawa da shi in suna neman sunan wasa shi ne fuska ko tufafi, kuma nan ne ake yin ɓatan kai. Rigar ruwa mai ruwan ƙasa kusan kowane ɗan sandan ciki na wasannin wancan zamani ya sa ta. In ka ce wa yaron shago "mai rigar ruwa", kamar ka shiga kasuwar shanu ne ka ce kana cigiyar farin sa mai ƙaho. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ginin labarin.

Wasannin 'yan sanda iri biyu ne manya. Akwai wanda labari ɗaya ake ja tun daga kashi na farko har na goma ko fiye, in ka rasa na jiya ba za ka gane na yau ba. Akwai kuma wanda kowane zama da shari'arsa: a yi laifi, a bincika, a kama mai laifi, duk a dare ɗaya, mako mai zuwa kuma a zo da sababbin mutane, ɗan sandan ne kaɗai ba ya canjawa. Yadda ka ce mahaifinka yana ba da labarinsu ɗaya-ɗaya, kowane da ƙarshensa, ya nuna naka na biyun ne. Wannan kaɗai ya fid da wasanni masu yawa na zamanin nan daga lissafi.

A cikin masu ƙarewa a zama ɗaya ɗin ma akwai rabuwa, kuma nan ne gizo yake saƙa. Galibinsu ɓoye mai laifi suke yi. A nuna maka gawa, a jero maka mutum huɗu ko biyar da kowannensu yake da dalilin yin kisan, kai da ɗan sandan ku yi ta lalube tare, sai a mintin ƙarshe a yaye mayafi. Columbo kuwa kifa ƙwaryar ya yi. Tun farkon wasan za a nuna maka wanda ya yi kisan, fuskarsa a fili, ka ga yadda ya shirya, yadda ya aikata, da yadda ya share sawunsa. Sau da yawa sai an ci minti goma sha biyar ko ashirin ba ka ga ɗan sandan ba sam. Mai kallon da bai saba ba sai ya zaci an sa masa wani fim ne daban. Saboda haka ka tambayi Baba wannan tambaya guda: shin tun da fari yakan san wanda ya yi kisan? In ya ce i, to ka yi rabin tafiya.

Kuma mai laifin a Columbo ba ɓarawon unguwa ba ne. Kullum babban mutum ne: likita, ko lauya, ko marubuci, ko mawaƙi, ko mai kamfani, mai ƙaton gida a birnin Los Angeles na ƙasar Amirka, mutumin da yake ganin ya fi kowa wayo. Daɗin wasan shi ne ganin yadda wannan ɗan tsurut ɗin ɗan sanda, wanda masu gidan kan ɗauka almajiri ne ya shigo, zai yi ta zagaye attajirin nan da ladabi da ban-haƙuri har ya kai shi ƙasa. Ba gudu da mota, ba dambe, kuma shi bindiga ma ba ya son ɗauka. Shi ya sa Baba ya ce a kashe wancan na harbe-harben, ya san ba mutuminsa ba ne.

Sai ɗabi'un mai binciken, waɗanda su ne tambarin wasan. Wanda ya fito a matsayin Laftana Columbo sunansa Peter Falk, an haife shi a 1927, ya rasu a 2011. In ka lura da kyau za ka ga idonsa na dama kamar a ɗan kanne yake, ba ya tafiya daidai da ɗayan. Ba kwaikwayo ba ne: an cire masa idon ne yana ɗan shekara 3 saboda ciwon daji, aka sa masa na gilashi, daga baya na roba. Rigar ruwan nan da ta zama abin magana, tasa ce ta kansa ya zo da ita wurin aiki. Tabar da ka ambata irin mai kaurin nan ce ta naɗin ganye, sau da yawa ma a mace take a hannunsa, yana ta neman ashana a aljihu, ko fensir, ko wata 'yar takarda da ya rubuta abu ya manta inda ya sa.

Matar tasa kuwa, wadda kullum "matata ta ce", "matata tana son waƙoƙinka", ba a taɓa nuna fuskarta a cikin wasan ba ko sau ɗaya. Motarsa Fijo ce, amma ba 504 ko 404 da muka saba gani a hanyoyinmu ba, yayarsu ce mai lamba 403, mai rufin tamfol, ta tsufa tukuf, tana tari kafin ta tashi. Yana da wani kare malalaci mai dogayen kunnuwa da gajerun ƙafafu, wanda ya rasa sunan da zai sa masa, ya bar shi da Dog, watau "Kare" kawai.

Amma babbar alama ita ce wadda ka faɗa da bakinka, juyowa daga bakin ƙofa. Zai gama tambayoyinsa marasa kan gado, ya yi godiya, ya ba da haƙurin ɓata lokaci, ya kama hanya. Mai laifi ya sauke ajiyar zuciya. Sai kawai ya tsaya, ya dafa goshi, ya ce af, saura abu ɗaya. Wannan abu ɗayan kuwa shi ne ainihin abin da ya kawo shi, sauran duk shimfiɗa ce. Ku 'yan kasuwa kun san irin wannan. Mai saye ne zai taya buhu, ya ce ya fasa, ya yi taku uku, sa'an nan ya waiwayo ya faɗi kuɗin da tun farko ya yi niyyar biya, a lokacin da mai kaya ya riga ya saki jiki.

Yanzu bari mu zo kan maƙwabcinka da Derrick ɗinsa. Derrick wasan ƙasar Jamus ne, an yi shi daga 1974 zuwa 1998, kashi 281, kuma mutum ɗaya ne ya rubuta su duka, Herbert Reinecker. Shi ma kowane zama da shari'arsa, shi ma ba mai yawan harbe-harbe ba ne, shi ma yakan sa rigar ruwa, kuma da magana yake kama mutane. Har wa yau, kashin farko-farko na Derrick su ma sukan nuna mai laifi tun da fari, kafin daga baya a koma ɓoye shi. Ka ga ashe mai buhuna yana da abin kamawa. Kuma in ta tashar da ke magana da Faransanci mutum ya kalle su, kamar yadda kan faru a garuruwan kan iyaka irin naku, to duka biyun Faransanci zai ji suna yi, don an juya muryoyinsu. Harshen da aka ji ba hujja ba ce ko kaɗan.

Inda suka rabu a fili yake. Horst Tappert, wanda ya fito a Derrick, dogo ne, tsaf-tsaf da shi, gashi a kwance, kwat a goge, ga tabarau manya. Ba ya tafiya shi kaɗai, kullum yana tare da mataimakinsa Harry Klein, suna yawo cikin mota BMW a birnin Munich, garin sanyi. Derrick ba shi da matar da zai yi ta ambato. Kuma kashinsa awa ɗaya ne, alhali na Columbo yakan kai minti 70 zuwa sama da 90, tsawon fim sosai. Saboda haka tambaya biyu ta isa ta raba gardamarku: shi kaɗai yake yawo ko da yaronsa? Rigar a goge take ko kamar an kwana a cikinta? Wani kuma zai iya kawo maka Kojak, wanda aka yi a Amirka daga 1973 zuwa 1978. Wannan ba ya ɓuya: kansa tal kwabo, yana tsotsar alawa mai tsinke, ga tsawa, a birnin New York. Ba shi ba ne.

Sauran zancen safar hannu, wanda shi ne ya fi burge ni a wasiƙarka, don da shi za mu gane ba wasan kaɗai ba, har ainihin kashin da ka gani. Sunansa Suitable for Framing, an fara nuna shi a watan Nuwamba na 1971. Wanda bai gani ba kuma ba ya son a ɓata masa, to ya ɗan rage muryar rediyonsa.

Wani mutum ne mai suna Dale Kingston, sana'arsa sharhi a kan zane-zanen hannu, irin waɗanda Turawa ke saye da maƙudan kuɗi su rataya a bango. Kawunsa attajiri ne mai tarin irin waɗannan zane. Wasan na buɗewa, kawun na zaune yana kaɗa piyano, sai Kingston ya harbe shi. Daga nan ya lulluɓe gawar da bargon lantarki. Me ya sa? Saboda likitan 'yan sanda yakan ƙiyasta lokacin mutuwa ne da sanyin jiki. In gawa ta daɗe da ɗumi, sai a zaci yanzu-yanzu aka yi kisan. Ya bar wata budurwa mai koyon zane a gidan, shi kuma ya tafi wani taron baje zane, yana ta jan mutane da hira yana sa su lura da ƙarfe nawa. Can da mai gadi ya zo zagayensa, sai yarinyar ta cire bargon, ta harba bindiga, ta gudu da zane biyu na wani shahararren mai zane Bafaranshe, Degas. Mai gadi ya ji harbi a daidai lokacin da mutane da yawa za su shaida Kingston yana wani wuri. Daga baya ya karɓi zanen a hannun yarinyar, ita ma ya kashe ta don kada ta yi magana.

Duk wannan a gabanka aka yi shi, kai mai kallo ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne ta ina za a kama shi.

Da aka karanta wasiyya sai ga shi kawun bai bar wa Kingston zanen ba, tsohuwar matarsa Edna ya bar wa. Kingston ya riga ya san haka, kuma a nan ne muguntarsa take. A dokarsu, kamar yadda yake a wurinmu, wanda ya kashe mutum ba ya cin dukiyarsa. In aka ɗora wa Edna kisan, dukiyar za ta dawo hannunsa. Sai ya shiga dasa mata shaidu a kewayen gidanta, a ƙarshe ya ɓoye zane biyun nan a cikin gidan, ya kuma yi ta matsa lamba a je a yi bincike, wai don a wanke ta daga zargi.

Amma akwai wani ɗan abu da ya faru tun a tsakiyar wasan, wanda yawancin masu kallo ba sa riƙewa. A daren da Kingston ya dawo gida da zanen a cikin jaka, ya tarar da Columbo a ɗakinsa yana gyangyaɗi a kujera, wai ya zo duba littattafan zane ne. Cikin shisshiginsa na kullum, sai ya ce a'a, sababbin zane ne? Ya cusa hannu cikin jakar, Kingston ya yi maza ya hana shi. Kamar shirme, aka wuce wurin.

To da aka binciki gidan Edna aka fiddo zanen, Kingston na murna a ciki, sai Columbo ya sa a duba tambarin yatsu a jikinsu. Kingston ya ce wannan aikin banza ne, zanen kawunsa ne, ya sha taɓa su, dole a sami yatsunsa. Columbo ya ce ai ba naka muke nema ba, nawa muke nema. Ka gane lissafin? In da gaske Edna ce ta sace zanen tun daren kisan ta ɓoye, babu yadda za a yi yatsun Columbo su hau kansu. Wuri ɗaya ya taɓa su, cikin jakar Kingston. Nan gogan naka ya rikice, ya fara ihu cewa sharri ne, yanzu-yanzu ka taɓa su da ba na kallo. Columbo bai ce uffan ba. Ya zaro hannuwansa biyu daga aljihun rigar ruwan, ga su cikin safar hannu. A nan wasan ya ƙare, ko kalma ɗaya ba a ƙara ba. Ni dai a ganina, cikin duk kashin da na kalla babu wanda ƙarshensa ya kai wannan tsafta, kuma ban yi mamaki ba da shi ne ya zauna maka a rai tun kana yaro.

Sai 'yan gargaɗi, don kada a sake cin kuɗinka. Kada ka ce lalle sai ka ga dukan alamun nan a kowane kashi. Karen, alal misali, sai a 1972 ya fara fitowa, saboda haka babu shi a kashin safar hannu. Fim na farko da Falk ya fito a wannan matsayi, na 1968, za ka gan shi da ƙuruciya, gashi a gyare, bai gama zama yamutsattsen da aka sani ba. Akwai kuma 'yan kashi ƙalilan da suka saɓa tsarin, kamar wani na 1976 da aka ɓoye mai laifi har ƙarshe. Haka nan kada fuskar mai laifi ta ruɗe ka, don akwai 'yan wasan da suka yi ta dawowa da sabon suna: Patrick McGoohan sau huɗu yana fitowa a mai kisa, Jack Cassidy sau uku. Mutum zai ce ai na ga wannan, an kama shi, alhali wani labarin ne daban. Sa'an nan akwai wani wasa mai suna Mrs. Columbo da aka fara a 1979, inda wata mata take bincike. Peter Falk ba ya ciki, kuma bai yi ƙarko ba. In aka tura maka shi, ba shi ka biya ba.

Gaba ɗaya kashi 69 ne aka yi, in an haɗa da finafinan gwaji biyu na 1968 da 1971. Za ka ce kaɗan ne ga wasan da ya kai 2003. Dalili shi ne ba kowane mako ake yin sabo ba a can ƙasarsu, karɓa-karɓa yake yi da waɗansu wasannin a fili ɗaya, kuma an dakata daga 1978 har zuwa 1989. Zubi biyu ke nan: na farko daga 1971 zuwa 1978, na biyu daga 1989 zuwa 2003, inda za ka ga furfura ta fito masa. Tunda Baba ya san na safar hannu, da zubin farko za ka fara masa.

In ka koma shagon, kada ka tsaya kwatance. Rubuta wa yaron wannan a takarda, harafi bakwai: Columbo. Ka lura, bayan L harafin U ne, in ya rubuta da O zai yi ta samo maka babban birnin ƙasar Sri Lanka. A ƙarƙashinsa ka rubuta Suitable for Framing. Shi ne na huɗu a shekarar farko, ko da yake waɗansu kan lissafa shi na shida in sun haɗa da finafinan gwajin nan biyu, don haka da suna za ka nema, ba da lamba ba. Kafin ka miƙa kuɗi, ka sa ya buɗe maka a nan gabansa. In ka ga dattijo na kaɗa piyano, wani mai baƙar kwat ya zo ya tsaya a kansa, to shi ne, ko da ba ka ga ɗan sandan ba tukuna. Ka ja gaba kaɗan, zai shigo yana lalube a aljihu.

Ka gaishe mana da Baba da kyau, ka kuma kira mai buhuna ya zo ku kalla tare. In kun gama, a rubuto mana a gaya mana abin da tsohon ya ce da ya ga safar hannun.